Kullum Mota Na Tashi Ta Bar Ni A Mafarki

Assalamu alaikum. Shekaruna 37, ina aikin kula da sito a wani kamfani a Zariya. Wata takwas ke nan ina wani mafarki iri ɗaya, sau uku ko huɗu a mako. Sai in ga ina sauri zuwa tasha da kaya niƙi-niƙi, ƙafafuna sun yi nauyi, ina isa motar na fita. Wani lokaci jirgin alhazai ne, an kira sunana amma na rasa fasfona. Nakan farka wajen ƙarfe huɗu gabana na dukan uku-uku, barci ba ya dawowa. Bara mahaifinmu ya rasu, ni ne babba. Mahaifiyata da ƙannena huɗu da matata da 'ya'yana uku duk ni suke kallo, albashina kuwa naira dubu 180 ne. Ba na kwanciya sai sha biyu da rabi, bayan na sha shayi na gama amsa waya. Wani ya ce mini alama ce arzikina zai wuce ni, wani ya ce sammu ne. Don Allah me wannan mafarki yake nufi, kuma yaya zan rabu da shi?

Babban wa, daga Zariya

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta.

Ka kwantar da hankalinka game da fassarar da aka yi maka. Wannan mafarki ba labarin gobe yake kawo maka ba, labarin yau ɗinka yake maimaita maka. A hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim, mafarki kashi uku ne: bushara daga Allah, da tsoratarwa daga Shaiɗan, da abin da mutum yake zantawa da ransa a farke sai ya gan shi a barci. Naka ya fi kama da na ukun, zancen zuci, kuma shi ba a kai shi wajen mai fassara. Mafarkin makara da na rasa abin hawa suna cikin waɗanda mutane suka fi yi a ko'ina a duniya, musamman masu riƙe da amanar da ta fi ƙarfin lokacinsu ko aljihunsu. Wanda ya ce maka sammu ne bai tambaye ka ƙarfe nawa kake kwanciya ba, alhali nan ne rabin amsar take.

Barci ba shimfiɗa ɗaya ba ne. Zagaye yake yi, kowane zagaye kamar minti 90, sau huɗu zuwa shida a dare. A ƙarshen kowane zagaye akwai wani mataki da ƙwayar ido ke ta motsi a ƙarƙashin fatarta, wanda Aserinsky da Kleitman suka gano a Jami'ar Chicago a 1953, kuma a cikinsa ake yin yawancin mafarkin da mutum ke tunawa. A farkon dare wannan mataki gajere ne, bai fi minti 10 ba. Can gab da asuba yakan kai rabin awa ko ya wuce. Shi ya sa abin yake cim maka da ƙarfe huɗu ba da ƙarfe ɗaya ba.

Abubuwa biyu da ke faruwa a wannan mataki sun bayyana siffar mafarkinka. Na farko, ƙwaƙwalwa takan kashe ƙarfin tsokokin jiki don kada mai barci ya tashi ya aikata abin da yake gani. Mutum na ba ƙafarsa umarnin gudu, ƙafar ba ta amsawa, sai mafarkin ya mayar da wannan ya zama nauyin ƙafa, ko tafiya cikin taɓo. Na biyu, sashen ƙwaƙwalwa da ke goshi, mai tsara abu bayan abu, yakan rage aiki, sashen tsoro kuwa yana nan a farke sarai. To ka ga mutum ne aka bar shi da fargabar kada ya gaza, aka ɗauke masa hankalin da zai ce a jira mota ta gaba. Fasfo ya ɓace, takalmi ƙafa ɗaya, lambar waya ta ƙi dannuwa, duk daga nan suke. Fargabar kuwa ba ƙirƙira ba ce, ita ce wadda ka kwana da ita.

Akwai kuma abin da ƙarancin barci ke ƙarawa. Baligi na bukatar aƙalla awa bakwai, kai kuwa ko huɗu ba ka cikawa a daren da abin ya zo. Idan aka tauye wa jiki barcin mafarki, sai ya rama: ya shige shi da wuri, ya daɗe a ciki, mafarkin ya ƙara kaifi. Mai damuwa kuma barcinsa sama-sama ne, ƙaramin motsi ke tashinsa, kuma wanda ya farka a tsakiyar mafarki shi ke tuna shi dalla-dalla. Haka abin yake ciyar da kansa. Mafarki ya hana barci, rashin barci ya ƙara wa mafarki ƙarfi.

Don haka gyaran farko na agogo ne. Ka matso da kwanciyarka zuwa goma da rabi, amma ba a dare ɗaya ba, domin in ka yi tsalle haka za ka kwanta ido biyu ne kawai ka ƙara wa kanka tunani. Ka rage minti 30 duk bayan kwana uku, cikin kwana goma sha biyu ka isa. Lokacin tashi kuwa ka bar shi wuri ɗaya, da asuba, har ranar hutu. Shayin dare shi ne zai fi yi maka wuyar bari. Sinadarin da ke cikin ganyen shayi da kofi da goro, wanda ke wartsakar da mutum, yakan ɗauki kamar awa biyar kafin rabinsa ya bar jini. Kofin da aka sha ƙarfe goma, rabin ƙarfinsa na nan ƙarfe uku na dare. Mutum na iya cewa ai shi shayi ba ya hana shi barci, kuma gaskiya ne yana yin barcin, amma barcin ba ya nauyi. Ka tsayar da shayi da goro daga azahar. In zaman teburin mai shayi ne ba ka son rasawa, ka je ka zauna, a haɗa maka madara da ruwan zafi ba ganye. Kwana biyu ko uku na farko kana iya jin ciwon kai da kasala, wannan na sabo ne, yana wucewa.

Mai mafarkin makara yakan kwana da rabin hankalinsa a kan agogo. Ka saita ƙararrawa biyu, ɗaya a waya, ɗaya a ƙaramin agogo, ka ajiye su inda sai ka taka ka isa, ka juya fuskarsu bango. In ka farka kada ka duba lokaci, domin dubawar ita ke buɗe lissafin saura awa nawa. Ka yi abin da sunna ta koyar: tofi sau uku ta hagu, neman tsari, sannan ka juya ɗaya gefen. Ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida, kamar sau goma. Tsawaita fitar numfashi shi ke saukar da bugun zuciya. In ka ji an ɗauki kamar minti 20 barci bai zo ba, tashi ka yi alwala ka yi nafila cikin haske kaɗan, ka koma in ka ji gyangyaɗi. Waya dai kada ka taɓa ta.

Yanzu mafarkin kansa. Akwai hanyar da likitocin barci ke amfani da ita, wadda Barry Krakow da abokan aikinsa suka gwada, suka wallafa sakamakonta a 2001, kuma har yau ita ce kan gaba wajen maganin mugun mafarki mai maimaituwa. Ba ta bukatar ƙwaya. Tushenta shi ne mafarkin da ya daɗe yana dawowa ya zama sabo, kamar turbar da ƙafa ta fitar a gona, kuma ana iya fitar da sabuwar turba da rana.

Ka zaɓi mafarki ɗaya, wanda ya fi sauƙi a cikin biyun. Ina ganin na tasha ne, ka bar na jirgi tukuna. Da rana, a zaune, ka rubuta shi a layi biyar ko shida, sau ɗaya tak, ba za ka sake karanta shi ba. A sabon shafi ka rubuta shi yadda kake so ya kasance. Kana da ikon canza komai, ba sai ƙarshen kawai ba, kuma ya fi kyau ka fara canjin tun kafin wurin da tsoron ke shigowa. Ga misalin yadda zai iya zama. Ka fito da kaya uku, a bakin titi ƙanenka ya karɓi buhun ya saɓa, ɗayan ya ɗauki jakar, kai leda ɗaya ce a hannunka. Kun shiga tasha da hantsi, hayaƙin mai ƙosai na tashi, ɗan kamasho na tsaye jikin mota da takardar sunaye yana cewa saura mutum ɗaya. Ya hango ka ya ce, Alhaji kai muke jira. Ka zauna kusa da taga, ka ji zafin kujera a bayanka, direba ya yi bismilla ya tayar. Ka lura babu abin al'ajabi a ciki. A tashoshinmu ai mota ba ta tashi sai ta cika, wannan kuwa abu ne da ranka ya sani kuma zai yarda da shi.

Wannan sabon shafin shi za ka riƙa gani a zuci, ido rufe, minti 10 zuwa 20 kowace rana. Bayan la'asar ko lokacin hutun rana ya dace. Ka kalle shi kamar kana ciki, da sauti da ƙamshi da nauyin ledar a yatsunka. Ba a so ka yi ƙoƙarin tuna shi cikin barci, kuma ba lalle ne ka yi sabon mafarkin ba. Abin da aka fi gani shi ne tsohon ya ragu, ko ya zo a sanyaye, ko motar ta tashi amma kai ko a jikinka. Yawanci sai an yi mako biyu zuwa huɗu kafin a ga bambanci.

Inda mutane ke ɓata wannan aiki sananne ne. Wasu sukan koma suna bitar tsohon mafarkin don su gane ma'anarsa, wanda hakan ƙara zurfafa tsohuwar turbar ne. Wasu sukan yi bitar a kan gado da dare, lokacin da tsoron ya fi kusa, sai hoton ya zame ya koma na da. In hakan ta faru da kai ko da rana ne, buɗe ido, kalli abubuwan da ke ɗakin, ka sake farawa daga inda ƙanenka ya karɓi buhu. Wasu sukan karanta shafin da baki kawai ba tare da sun ga hoton ba, wannan ba ya aiki. Wasu kuma sukan bari a kwana na huɗu saboda mafarkin ya sake zuwa. Don kada ka yi wa kanka hukunci da dare ɗaya, ka ware shafi a bayan littafin, kowace safiya ka sa alama ko ya zo ko bai zo ba, da lamba daga 1 zuwa 10 ta tsananinsa. Daga dare huɗu a mako zuwa biyu ci gaba ne na gaske. In na tasha ya lafa, sai ka ɗauko na jirgi ka yi masa haka nan.

Duk wannan zai rage mafarkin, amma in kayan da ke kanka suna nan yadda suke, zai sake samun wata ƙofar. Abin da ya fi cin mai ɗawainiya ba yawan kuɗin da yake fitarwa ba ne, rashin sanin iyakarsa ne. Kowace ƙarar waya na iya zama bukata, ba ranar da zai ce na gama. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta sakin abin da ba a rufe ba, tana riƙe da shi har cikin barci. An ce babba juji ne, amma an faɗe shi ne a kan haƙuri da halin mutane, ba a kan cewa albashi ɗaya ya ciyar da gida biyu babu lissafi ba.

Ka raba abin da ke kanka gida uku a takarda: wajibi, da taimako, da abin da kunya kawai ke sa ka yi. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kamar yadda yake a Risala, ciyarwar dole tana kan matarka, da 'ya'yanka, da iyaye in ba su da hali. Ƙanne ba sa cikin wannan. Taimakonsu sada zumunci ne mai lada, gwargwadon iko. Ciyar da mahaifiya kuma ba ta kan babban ɗa shi kaɗai, tana kan duk ɗan da ke da abin hannu. A hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito an ce mutum ya fara da kansa, sannan iyalinsa, abin da ya ragu ya ba dangi. Ba don ka janye hannu daga ƙannenka na kawo wannan ba. Don ka san cewa ranar da ka ce babu, ba amana ka ci ba.

Ga yadda dubu 180 za ta iya tsayuwa, kai kuma ka gyara ta da abin da ka sani na gidanka. Dubu 105 ga iyalinka, abinci da ajiyar haya da makaranta. Dubu 25 ga Hajiya. Dubu 20 kuɗin motarka da abincin rana. Dubu 15 ga ƙanne, jimla, ba kowane ɗaya ba. Dubu 15 ajiyar asibiti, wadda ba a taɓa ta don biki ko suna. Kuɗin ba su ƙaru ba ko kwabo, amma yanzu kowane kaso yana da baki. Ka sa rana ɗaya ta bayarwa, misali kwana biyu bayan albashi. Mutumin da ya san ran 28 zai samu dubu 4 ya fi samun natsuwa a kan wanda yake samun dubu 7 bayan ya kira sau biyar, kai ma haka.

Wannan magana ba ta waya ba ce. Ka fara zama da Hajiya ita kaɗai, ka nuna mata takardar, domin in ta ji daga bakin ƙannenka za ta ɗauka ka gaji da su ne. Sannan ku zauna gaba ɗaya, in da baffa ko kawu mai faɗa a ji, a gayyato shi. Ka faɗi adadin albashinka a fili. Sau da yawa ƙanne na zaton abin da wansu ke samu ya ninka gaskiyarsa. Ka ce musu, wannan shi ne abin da nake da shi, ga abin da zan iya kowane wata, sauran sai mun haɗa hannu. Wanda ba shi da kuɗi yana da lokaci: ɗaya ya riƙe kai Hajiya asibiti da karɓo magani, ɗaya cefanen gidan da biyan kuɗin wuta. Ka miƙa aikin gaba ɗayansa, har da tuna ranarsa. In kai ne za ka riƙa kira kana tambaya ko an je, to ba ka sauke komai ba. Wata biyun farko za a gwada ka, za a zo da bukata a tsakiyar wata. In ba rashin lafiya ba ce, amsarka ɗaya ce, sai ranar da muka yi. In ka karya sau biyu, tsarin ya rushe. Ka kuma sanar da kowa cewa daga ƙarfe tara wayarka a rufe take, lambar Hajiya ce kaɗai za ta shigo.

Sauran abin da ke yawo a kai kuma ka sauke shi a takarda kafin ka kwanta. A wani gwaji da Michael Scullin ya yi a Jami'ar Baylor, aka wallafa a 2018, waɗanda suka ɗauki minti biyar suna rubuta ayyukan da ke gabansu sun riga waɗanda suka rubuta ayyukan da suka gama yin barci da kusan minti tara, kuma wanda ya fi fayyace rubutunsa ya fi saurin barci. Fayyacewar ita ce sirrin. Kada ka rubuta "matsalar sito". Rubuta "ƙarfe tara, ƙirga katon ɗin da aka sauke jiya, a sa hannu mu biyu". Abin da ba shi da mataki na gaba, kamar tsadar abinci, ba na wannan takarda ba ne.

Akwai alamun da in ka gani ba za ka jira mako huɗun ba. Ka tambayi maiɗakinka ko kana minshari mai ƙarfi har numfashinka ya ɗauke ka farka kamar an shaƙe ka, domin toshewar numfashi a barci na kawo irin wannan farkawa, kuma tana tafiya da hawan jini. Ka tambaye ta kuma ko kana kai duka ko harbi da ƙafa cikin mafarki. In bugun zuciyar na zuwa da rana ma, tare da rama da zufa da rawar hannu, a duba maƙogwaronka da jininka. Wasu magungunan hawan jini, irin su firofaranolol, na kawo mafarki mai kaifi, haka ma barin tiramol ko kodin ko ƙwayar barci kwatsam. In kana shan wani abu cikin waɗannan kada ka daina shansa da kanka, ka gaya wa likita. Kada kuma ka sayi ƙwayar barci a kemis don wannan matsala: tana danne mafarki na ɗan lokaci, ranar da aka bar ta ya dawo fiye da da.

Rashin mahaifi ma ba a gama da shi a kwana arba'in, musamman ga ɗan da aka ɗora wa gida tun kafin a watse daga zaman makoki. In ka kai mako biyu kana jin komai ya fita ranka, abinci ba ya ciwuwa, ko tunanin gara mutuwa ya fara zo maka, ka je asibiti a ranar, kada ka tsaya gwada komai a gida. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna. Haka nan in ka cika mako shida kana bin tsarin nan adadin dararen bai ragu ba. Ka tafi da littafin da kake sa alamar a ciki, da kwalin duk maganin da kake sha, in da hali kuma maiɗakinka ta raka ka, don ita ta ga abin da kake yi a barci, kai ba ka gani ba.